Jeren Silaid Ba Tsakure Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa a Kwafe Kawai

Na karanta maƙalar da wani malamin jami'a ya rubuta kwanan baya, inda yake ba ɗaliban digiri na biyu da na uku shawara a kan yadda za su samar da tsakure mai sassa. Ina nufin gajeren bayanin nan na kalmomi 250 ko 300 da mujallun ilimi da masu shirya taruka ke nema, wanda ake kasa shi ƙarƙashin kanu: shimfiɗa, manufa, hanyar bincike, sakamako da kammalawa. Matsayin Malam shi ne wanda ya riga ya kare kundinsa bai kamata ya wahalar da kansa ba. A ganinsa silaid ɗin da ɗalibi ya haska ranar kare kundi sun riga sun tace aikin, kanunsu kuma sun yi daidai da kanun tsakure. Don haka abin da ya rage shi ne a buɗe PowerPoint, a ɗauki jimla ɗaya daga kowane silaid, a jera su bi da bi, a rage tsawonsu har su shiga adadin kalmomin da aka ƙayyade.

Malam yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma zan fara ba shi ita. Ɗalibin da ya matse kundi mai shafi ɗari da hamsin zuwa jawabin minti ashirin ya riga ya yi zaɓe mai wuya, ya san abin da ya fi nauyi a aikinsa. Zubar da wannan wahala asara ce. Inda muka rabu da Malam shi ne a kan me za a ɗauko daga silaid. Ni a ganina silaid na nuna maka inda za ka duba ne kawai. Jimloli da alƙaluman da za su shiga tsakure daga kundin da aka gyara bayan jarrabawa ake ɗauko su. Dalilaina uku ne, kuma zan bi su da misali guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, don kada maganar ta tsaya a iska.

Mu ƙaddara wata ɗaliba ce a fannin lafiyar al'umma. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na tsara su don bayani, ba na wani bincike da aka buga ba. Ta binciki ƙarancin jini tsakanin mata masu juna biyu da ke zuwa awon ciki a asibitocin matakin farko guda shida na wata ƙaramar hukuma. Ta yi amfani da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na kafin 2024, wanda ya ɗauki mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a kowace desilita. Ranar kare kundi ta zo da silaid 30. Ɗaya na take, ɗaya na jerin abubuwan da za ta faɗa, huɗu na shimfiɗa, ɗaya na bayyana matsala, ɗaya na hujjar yin binciken, biyu na manufofi da tambayoyi, biyar na bitar ayyukan magabata. Sai huɗu na hanyar bincike, shida na sakamako, biyu na tattaunawa, ɗaya na kammalawa, ɗaya na shawarwari, da na ƙarshe mai godiya. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kare kundi zai shaida wannan tsari.

Dalili na farko shi ne rabo. Idan ta bi shawarar Malam ta raba kalmomi 250 ga silaid 30, kowane silaid zai sami kalmomi takwas ko kusan haka. Silaid 15 na farko, wato rabin jawabin, duk share fage ne, ba a kai ga faɗin abin da ta yi da hannunta ba. Ke nan kalmomi 125 sun tafi kafin mai karatu ya san ko mata nawa aka auna. Sakamako, wanda shi ne dalilin rubuta tsakuren, zai tsira da kalmomi 50 kacal. Wannan rabo bai zama laifi a ɗakin jarrabawa ba, domin masu jarrabawa suna son su tabbatar ɗaliba ta san fagenta, ta karanta magabata, ta iya kare dalilin da ya sa ta zaɓi wannan batu. Jarrabawa ake yi mata ita kanta. Mai karanta tsakure kuwa ba ruwansa da ko ta yi karatu. Tambayarsa ita ce me aka gano, a kan su wa, kuma yaya ƙarfin hujjar yake.

Tarihin tsakure mai sassa ma ya nuna haka. A shekarar 1987 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga shawarar wani kwamitin masana, wanda Brian Haynes na Jami'ar McMaster ta Kanada ke cikin jagororinsa, cewa a riƙa rubuta tsakuren binciken asibiti ƙarƙashin kanu tsayayyu. Burinsu likita mai ƙarancin lokaci ya iya gane ko binciken ingantacce ne, ko kuma ya shafi marasa lafiyar da ke gabansa. Kanun da suka kawo su ne manufa, tsarin bincike, wurin da aka yi shi, mutanen da aka bincika, abin da aka yi musu, abin da aka auna da babban sakamako, sai kammalawa. A lura, babu bitar ayyukan magabata a ciki, babu hujjar yin bincike. Mujallu da yawa daga baya sun ƙara kan shimfiɗa, amma jimla ɗaya ko biyu ake ba shi. Abin da ya cinye rabin silaid ɗin ɗalibarmu tun asali ba a yanka masa fili a wannan tsari ba.

Da ni ne mai duba aikinta, kafin ta rubuta kalma ɗaya sai mu yi kasafi. Shimfiɗa kalmomi 30, manufa 20, hanyar bincike 70, sakamako 95, kammalawa 35. Jimilla 250. Wannan ba doka ba ce, ana iya sassautawa nan a ƙara can, amma ya nuna inda nauyi ya kamata ya faɗa: kashi biyu cikin uku na tsakuren na hanya ne da sakamako. Ma'anarsa silaid 15 na farko za su narke su koma jimloli uku, silaid 10 na tsakiya kuma su faɗaɗa. Tsarin ɗaukar jimla ɗaya daga kowane silaid ba zai taɓa kai mutum ga wannan rabo ba, domin yana ba silaid ɗin godiya daraja ɗaya da silaid ɗin babban sakamako.

Malam zai iya cewa ai ba haka yake nufi ba, kowa ya san za a tsallake godiya da jerin abubuwa. To, na yarda. Sai mu je dalili na biyu, wanda tsallake ba ya warware shi. Silaid mai kyau da gangan ake barinsa bai cika ba, saboda mai jawabi na tsaye a gefe zai cika shi da baki. Silaid na 21 na ɗalibarmu zane ne mai sanduna biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, an rubuta a samansa cewa ƙarancin jini da shan maganin ƙarin jini. Babu aikatau a wannan take, bai ce komai ya fi komai ba. Ita ce ta nuna zanen da hannu ta ce matan da ba su shan ƙwayar a kai a kai sun fi fama da ƙarancin jini, kuma bambancin ya tsaya ko bayan an yi la'akari da shekaru da yawan haihuwa da watannin ciki. Wannan jimla, wadda ita ce zuciyar binciken, ba ta kan silaid ko ɗaya. Wanda ya kwashe rubutun silaid ya jera tamkar ya naɗi muryar 'yan amshi ne ya bar mawaƙin: za a ji ana ta maimaita kan magana, amma baitin da ke ɗauke da ma'ana ba ya nan.

Ana gane tsakuren da aka haɗa ta wannan hanya tun daga nesa. Sashen sakamakonsa cike yake da jimloli irin su an gano cewa akwai dangantaka mai ma'ana tsakanin kaza da kaza, ko an tattauna abubuwan da ke haddasa matsalar. Dangantakar ta wace fuska ce? Girmanta nawa? Shiru. Wani lokaci a liƙa p < 0.05 a ƙarshen jimla, a ɗauka an ba da adadi. Alhali wannan alama ba ta faɗin girman bambanci, abin da take nunawa kawai shi ne da wuya a ga irin wannan bambanci idan da a haƙiƙa babu shi. Bambancin kashi biyu cikin ɗari da na kashi ashirin duk suna iya ɗaukar alamar nan.

Abin da ya kamata ɗalibarmu ta yi shi ne ta bar zanen ta koma jadawalin da aka zana shi daga gare shi, a babi na huɗu. A can za ta tarar cewa cikin mata 180 da ba su shan ƙwayar a kai a kai, 113 na da ƙarancin jini, wato kashi 62.8 cikin ɗari. Cikin 221 masu sha kullum kuwa 100 ne, wato kashi 45.2. Za ta kuma tarar da adadin da lissafin daidaitawa ya bayar, AOR 2.1, da tazarar amincewarsa, 95% CI 1.4 zuwa 3.2. Waɗannan su ne abin da mai karatu ke nema. Da su zai san bambancin ya kai kusan maki 18 cikin ɗari, kuma ko an ɗauki ƙasan tazarar, dangantakar tana nan. Silaid ya taimaka mata da abu ɗaya, ya tuna mata cewa wannan jadawali ne ta ga ya cancanci a haska. Aikinsa ya ƙare a nan.

Haka abin yake a sashen hanya. Silaid ɗinta huɗu sun haɗa da taswirar ƙaramar hukumar, da lissafin yawan mutanen da za a bincika, da jerin kayan aiki, da sunan manhajar SPSS. Taswira ba ta shiga tsakure. Sunan manhaja ma sau da yawa ɓarnar kalmomi ne, domin ba ya canja yadda za a fahimci sakamako. Abubuwan da tsakure ke buƙata kuwa wataƙila ba su kan silaid, tun da masu jarrabawa suna riƙe da kundin a hannu: wane irin bincike ne, a waɗanne watanni na wace shekara aka tattara bayanai, yaya aka zaɓo matan, da me aka auna jinin, kuma me ake nufi da shan magani a kai a kai. Ƙa'idojin STROBE na 2007, waɗanda aka tsara don rubuta rahoton binciken da ake lura da mutane ba tare da an yi musu gwaji ba, abu na farko da suka nema shi ne a faɗi nau'in binciken a take ko a tsakure. Nata na lokaci guda ne, an auna kowace mace sau ɗaya. Wannan bayani dole ya fito, domin shi zai iyakance abin da za ta iya faɗa a kammalawa.

Dalili na uku shi ne ya fi damuna, domin na farko da na biyu suna haifar da tsakure mai rauni ne, wannan kuwa yana haifar da tsakure mai ƙarya ba tare da niyya ba. Silaid ana shirya su kafin jarrabawa. Bayan jarrabawa akwai gyara. Kusan kowane ɗalibi yana fita daga ɗakin nan da jerin gyare-gyaren da mai jarrabawa na waje da na cikin gida suka ba shi, kuma sai an tabbatar ya yi su kafin makarantar karatun gaba da digiri ta karɓi kundin. Kundi ake gyarawa, babu mai komawa ya gyara silaid. Ke nan fayil ɗin PowerPoint hoton aikin ne a ranar da bai gama nuna ba.

Ga yadda abin ke faruwa a misalinmu. A silaid ɗin hanya an rubuta 422. Wannan shi ne adadin da ta yi niyyar samu: lissafin da aka saba yi ya ba ta 384, ta ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda ba za su amsa ba. A silaid ɗin sakamako an rubuta 415, domin su ne suka ba da cikakkun amsoshi, kuma 227 daga cikinsu na da ƙarancin jini, wato kashi 54.7. Ana cikin tambayoyi sai mai jarrabawa na waje ya lura cewa a babi na uku ta ce za a cire masu cutar sikila, amma ga mata 14 masu sikila a cikin lissafi, kuma dukansu an ƙirga su cikin masu ƙarancin jini. Aka umarce ta ta cire su ta sake lissafi. Kundin da aka ɗaure aka kai laburare yana ɗauke da mata 401, masu ƙarancin jini 213, wato kashi 53.1. Yanzu akwai adadi uku, 422 da 415 da 401, kuma na gaskiyar shi kaɗai ne ba ya kan silaid. Idan ta bi Malam, tsakurenta zai ce an bincika mata 422, an sami kashi 54.7. Adadin farko niyya ce da ba ta cika ba, na biyu kuma lissafi ne da aka riga aka soke. Duk edita ko mai tantancewa da ya gwada su da jikin maƙalar zai ga ba su haɗu ba.

Kada Malam ya ɗauka wannan tsoro ne na banza. A 1999 Roy Pitkin da abokan aikinsa sun buga bincike a JAMA inda suka gwada tsakure da jikin maƙala a manyan mujallun likitanci guda shida, ciki har da Lancet da BMJ da New England Journal of Medicine. Sun tarar, gwargwadon mujalla, tsakanin kashi 18 zuwa 68 cikin ɗari na tsakuren suna ɗauke da bayanin da ya saɓa wa jikin maƙalar ko kuma ba ya cikinta sam. Waɗannan mujallu ne masu editoci da masu tantancewa, kuma tsakure da maƙala a takarda ɗaya suke. Idan saɓani na shiga a can, ina ga ɗalibin da aka ce ya ɗauko alƙalumansa daga fayil dabam, wanda aka rufe tun kafin gyara? Kuma kuskuren tsakure ya fi na jikin maƙala yaɗuwa. A PubMed ko African Journals Online tsakure kowa ke gani kyauta, cikakkiyar maƙala kuwa wani lokaci sai an biya. Mutane da yawa a tsakuren za su tsaya, su ɗauki adadin su sa a nasu aikin.

Akwai wani gyara da jarrabawa ke kawowa wanda ba na adadi ba ne. Silaid ɗin kammalawa ana rubuta shi da ƙarfin murya, domin ɗalibi ya zo kare kansa ne. Nata ya ce rashin shan magani shi ne ke haddasa ƙarancin jini a yankin. Binciken da ya auna mata sau ɗaya ba zai iya tabbatar da sababi ba. Yana iya yiwuwa matan da ba su sha kullum su ne kuma masu ƙaramin ƙarfi, masu ƙarancin abinci mai gina jiki, ko masu yawan fama da zazzaɓin cizon sauro. Abin da alƙalumanta suka ba ta damar faɗa shi ne akwai alaƙa, kuma ga girmanta. Sannan matan da ke zuwa awo ta bincika, ba dukan masu cikin ƙaramar hukumar ba. Haka kuma manufarta ta uku ita ce duba ko zurfin karatun boko na da alaƙa da ƙarancin jini, kuma ba ta sami alaƙar ba. A jawabi ta wuce wannan da sauri, silaid ɗinsa ma ba ta yi ba. A tsakure dole ya sami jimla, domin duk manufar da aka ambata a sama tana jiran amsa a ƙasa, ko amsar ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Ga yadda sassan ƙarshe za su kasance idan ta bi kundin maimakon silaid. Hanya: an yi bincike na lokaci guda a asibitocin matakin farko shida, an zaɓo mata masu zuwa awo ta hanyar ɗaukar kowace ta uku a rajista, an cire masu sikila, an auna himogulobin, an ɗauki ƙasa da giram 11 a desilita a matsayin ƙarancin jini. Sakamako: cikin mata 401, guda 213 na da ƙarancin jini, kashi 53.1 cikin ɗari, 95% CI 48.2 zuwa 58.0, matsalar ta fi yawa ga marasa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, kashi 62.8, a kan masu sha, kashi 45.2, AOR 2.1, 95% CI 1.4 zuwa 3.2, ba a sami alaƙa da zurfin karatu ba. Kammalawa: fiye da rabin matan da ke zuwa awo a waɗannan asibitoci na da ƙarancin jini, kuma yana da alaƙa da rashin shan ƙwayar a kai a kai, ya dace a binciki abin da ke hana su sha. Babu jimla ɗaya a nan da aka kwafo daga silaid, amma yawancinsu suna da silaid ɗin da ya nuna hanyar zuwa gare su.

Sauran hujjar Malam ita ce kanun silaid sun riga sun yi daidai da kanun tsakure. Wannan ma ba koyaushe ba ne, domin kanun ba na ɗalibi ba ne, na wanda zai karɓi aikin ne. Mujallun kamfanin Emerald, inda masu nazarin kasuwanci da gudanarwa da ilimin laburare ke yawan aikawa, suna neman tsakuren da bai wuce kalmomi 250 ba, da kanu irin su Purpose da Design/methodology/approach da Findings da Originality/value. Wannan kan na ƙarshe yana tambayar me aikin ya kawo sabo, kuma ɗalibai da yawa ba su da silaid ɗin da ya amsa shi kai tsaye. JAMA tana ba da har kalmomi 350, tana kuma farawa da Importance, ta ware wa Main Outcomes and Measures kai na kansa. Wanda ya yi gwajin magani yana da jerin abubuwan da CONSORT ta 2008 ta ce tsakure ya ƙunsa, har da lambar rajistar gwajin. Saboda haka matakin farko ba buɗe PowerPoint ba ne. Matakin farko shi ne karanta umarnin mujallar ko taron, a kwafe kanunsu da iyakar kalmominsu a farar takarda.

Wani zai ce to ai kundin yana da nasa tsakuren a shafukan farko, me zai hana a ɗauke shi? Ya fi silaid kusa, amma a duba shi da ido biyu. Sau da yawa shi ma kafin jarrabawa aka rubuta shi, kuma ɗalibi kan gyara babi na huɗu ya manta da shi. Sannan yakan ƙunshi manufofin kundin duka, alhali maƙalar da za a aika mujalla ɗaya ko biyu daga ciki ta ɗauka. Masu nazarin adabi ko tarihi ko harshe kuma, waɗanda sakamakonsu ba adadi ba ne, ƙa'idar ba ta canja musu ba. Wanda ya nazarci salon wani mawaƙi ba zai ce an tattauna salo iri-iri ba. Zai faɗi waƙoƙi nawa ya nazarta, yadda ya zaɓo su, da abin da ya gano a fili, a jimla mai aikatau.

Tsarin da nake ba da shawara a bi maimakon na Malam gajere ne. A rubuta kanu da kasafin kalmomi tukuna. A buɗe silaid a yi alama a kan biyar ko shida da suka ɗauki hanya da babban sakamako, a rubuta lambar jadawali ko shafin kundin da kowanne ya fito, sannan a rufe su. A fara rubutu daga sashen sakamako, ana kallon kundin da aka gyara, domin idan sakamako ya zauna shi zai nuna waɗanne bayanan hanya ne dole, kuma wace manufa ce za a ambata. Shimfiɗa a bar ta ƙarshe, in ba haka ba za ta cinye filin. Bayan an gama, a ja layi ƙarƙashin kowane adadi, a nemo shi a jadawali, a sake raba 213 da 401 a ga ko 53.1 zai fito.

Gwaji na ƙarshe kuma ina roƙon Malam ya yi shi da kansa, da tsakure biyu na aiki ɗaya, ɗaya a kan tsarinsa ɗaya a kan wannan. Ya miƙa su ga abokin aiki na wani sashe, wanda bai halarci kare kundin ba, bai kuma taɓa ganin silaid ɗin ba. Ya tambaye shi abu huɗu: su wa aka bincika kuma su nawa, me aka yi, me aka samu da adadinsa, kuma ina iyakar abin da za a iya faɗa. Tsakuren da ya sa mutumin ya amsa huɗun ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba, shi ya kamata mu koya wa ɗalibai. Idan na Malam ne ya ci, zan janye wannan martani a rubuce.